Yadda za ka rubuta gajeren labarin yaro da jirgin ledarsa

Na sha karanta labaran da matasa ke rubuta wa yara a kan haƙuri, kuma kusan duk cikinsu ciwon ɗaya ne. Yaro ya yi gaggawa, abu ya lalace masa, sai kakansa ya kira shi gindin bishiya ya ce masa mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa, daga nan yaro ya zama mai haƙuri, labari ya ƙare. Karin maganar gaskiya ce, amma yaron da ake karanta wa ya riga ya ji ta a bakin iyayensa ya fi a ƙirga. Abin da bai taɓa gani a rubuce ba shi ne yadda haƙuri yake shiga hannun mutum, yadda hannun da ya saba fizga yake koyon sassautawa. Jirgin leda, wato abin wasan nan da yara ke haɗawa da leda da tsinken tsintsiya su ɗaura masa zare su sake shi a iska, ya dace da wannan aiki ƙwarai, domin shi ba ya karɓar uzuri. In an yi masa gaggawa sai ya faɗo, kuma kowace faɗuwa da dalilinta.

Zan bi da kai mataki-mataki, daga haɗa jirgin har zuwa gyaran rubutu, da labari guda ɗaya da za mu riƙa ginawa tare.

Mataki na farko: haɗa jirgin da hannunka

Kada ka rubuta kalma ko ɗaya sai ka haɗa jirgi ka tashe shi. Wannan matakin shi ne mafi yawan marubuta ke tsallakewa, shi ya sa za ka ga an rubuta cewa yaro ya ɗaura zare a leda ya sheƙa da gudu sai jirgi ya lula sama. Duk yaron da ya taɓa yi zai gane cewa marubucin bai taɓa yi ba, daga nan kuwa ya daina yarda da sauran labarin.

Abin da kake buƙata kaɗan ne: leda marar nauyi wadda ba ta huje ba, tsinkayen tsintsiyar kwakwa guda huɗu, zaren ɗinki mai ƙwari ko wanda aka warware daga bakin buhu, salatif, reza, da tsumma ko ragowar leda na yin jela. Tsinken tsaye, wanda shi ne ƙashin bayan jirgin, ya kai kamu ɗaya, wato kimanin santimita 45. Na gicciye, wanda shi ne fukafukan, ya ɗan gaza, kamar santimita 40. Ana gicciya su ne a kusa da kai, wajen santimita 12 daga sama, ba a tsakiya ba, a ɗaure mahaɗar da zare tamau. Sai ka shimfiɗa ledar a ƙasa, ka ɗora tsinkayen a kai, ka yanka ta daga wannan baki zuwa wancan har kusurwoyi huɗu su fito, ka naɗe kowace kusurwa a bakin tsinkenta da salatif. Ledar ta miƙe, amma kada ka ja ta har ta lanƙwasa tsinken.

Ga wani abu da sai wanda ya riƙe tsinken tsintsiya ya lura da shi. Tsinken ba kaurinsa ɗaya ba: gindinsa da kauri da tauri, bakinsa siriri mai laushi. In ka yi fukafukai da tsinke ɗaya, to fiffike ɗaya ya fi ɗaya nauyi da tauri, iska na bugawa sai mai laushin ya lanƙwashe, jirgin ya yi ta juyawa gefe guda har ya daki ƙasa. Maganin shi ne ka haɗa tsinkaye biyu kai da ƙafa, gindin wannan a bakin wancan, ka naɗe su da zare su zama ɗaya. Riƙe wannan da kyau, domin a kansa za mu gina tsakiyar labarinmu.

Saura linzami da jela. Linzami shi ne guntun zaren da ake ɗaurewa daga kan jirgin zuwa gindinsa, wanda a jikinsa ake ƙulla dogon zaren da ke hannunka. Yana kasancewa ta fuskar ledar, tsinkayen kuwa suna baya. Ga jirgi mai wannan girma, zaren linzamin ya kai santimita 60 bayan an ɗaure, sai ka yi ɗan ƙulli mai kunne a nisan santimita 22 daga kai, yadda in ka ɗaga shi zai tsaya daidai saitin mahaɗar tsinkayen. Ka rataye jirgin da wannan kunnen ka duba: fukafukan biyu su daidaita, gindin ya ɗan rinjaya ƙasa. Jela kuwa ta ninka tsawon jirgin kamar sau shida, wato ta kusa mita uku, a yanka ta siririya a ƙuƙƙulla.

Mataki na biyu: san dalilin kowace faɗuwa

Yanzu fita fili, ka bar jirgin ya ba ka wahala, ka kuma riƙa rubuta abin da ka gani. Jirgin da ke juyawa kamar an kaɗa shi, ko dai jelarsa ta yi gajarta ko rashin nauyi, ko fukafukansa ba su daidaita ba. Hanyar bambancewa ita ce, in kullum gefe ɗaya yake karkata, laifin fiffike ne. In kuwa yau dama gobe hagu, ƙara masa jela. Jirgin da ke jan zare da ƙarfi amma ya ƙi hawa, ƙullin linzaminsa ya yi ƙasa da yawa, ko jelar ta yi masa nauyi. Wanda kuma ya kwanta yana kaɗawa ba ya jan hannu, ƙullin ya yi sama da yawa. Ana matsar da ƙullin ne faɗin yatsa ɗaya kawai, a gwada, a sake matsarwa. Abu ɗaya ake gyarawa a lokaci ɗaya, in ba haka ba ba za ka san wanne ne ya yi magani ba.

Sai iska. Iskar da jirgi irin wannan yake so ita ce wadda ke kaɗa ganyaye da ƙananan rassa ba tsayawa, kamar kilomita 12 zuwa 19 a awa. In rassa manya sun fara rangaji, ta fi ƙarfin tsinken tsintsiya. A ƙasarmu lokacin hunturu, daga wajen Disamba zuwa Fabrairu, iskar tana zuwa daga arewa maso gabas, kuma ta fi kaɗawa da hantsi. Da la'asar sau da yawa sai ta kwanta. Ka ga ke nan yaron da ya gama haɗa jirginsa bayan la'asar dole ya kwana da shi. Ba sai ka ƙirƙiro masa dalilin jira ba, yanayin gari ya ba ka. Haka kuma iskar da ke cikin lungu ko bayan gini da manyan bishiyoyi a hargitse take, sai an fita fili an yi nisa da su.

Tashin jirgi ba da gudu ake yi ba. Mai zare yana ba iska baya, wani ya riƙe jirgin a nisan taku ashirin ko talatin, in iska ta cika ledar ya sake shi. Sannan ga abin da ya fi komai a wannan labari. In jirgi ya juya kai ƙasa ya nufo ƙasa, zuciya cewa take yi ka fizgi zare. Fizgar kuwa ƙara masa gudu take yi zuwa inda kansa ya nufa, wato ƙasa. Abin da ake yi shi ne a sassauta zaren, ko ma a taka gaba, sai jela ta ja gindin ƙasa, kan ya koma sama, sannan a ja a hankali. Wannan ɗan motsi na hannu shi ne haƙurin da labarinka zai nuna.

Abu biyu kuma ka kiyaye, a fili da a rubuce. Ba a tashin jirgi kusa da wayar wutar lantarki, in kuma ya maƙale a kanta an bar shi ke nan. Ba a kuma tashinsa in hadari ya haɗo, saboda tsawa. Yara suna kwaikwayon abin da suka karanta, don haka kada yaron labarinka ya hau falwaya ya ciro jirginsa ya sauko lafiya a matsayin gwarzo.

Mataki na uku: ba yaron dalilin gaggawa

Yaro ba ya gaggawa a banza. In ka ce kawai shi marar haƙuri ne, ka yi masa lamba ne, ba ka halicce shi ba. Tambayi kanka abin da yake so, da abin da ke kora shi, da abin da zai rasa.

A labarinmu za mu kira shi Auta, ɗan shekara tara, ɗan ƙaramin gidansu. Hutun makaranta ne na Disamba, saura kwana huɗu a koma. Manyan yaran unguwa suna tashin jirage a filin idi, sun ce masa shi aikinsa riƙe musu gwangwanin zare. Abin da yake so shi ne nasa jirgin ya tashi a gabansu kafin hutu ya ƙare. Abin da zai rasa kuwa kayan aiki ne: zare ƙwarya ɗaya tak yake da shi, ragowar da Baba Tela na bakin titi ya ba shi, tsinkaye kuma daga tsintsiyar Inna yake zara, ita kuwa ta fara lura tsintsiyarta tana ramewa. Da wannan, kowace faɗuwa tana ci masa wani abu. In zare da leda ba sa ƙarewa, babu abin da zai sa mai karatu ya damu.

Mataki na huɗu: tsara faɗuwar

Gajeren labari irin wannan yana zama daram a kalmomi 1,000 zuwa 1,500, wanda shi ne tsawon da gasar Hikayata ta BBC Hausa take nema. Ga yara ƙanana ma kana iya tsayawa a ƙasa da haka. A wannan tsawon, gwaji uku ya isa, amma kada su zama abu ɗaya aka maimaita. Kowanne ya kasance da kuskurensa daban, da abin da ya ci masa, da abin da yaron ya gano.

Gwajin farko na gaggawar haɗawa ne. Auta ya haɗa jirgin cikin minti kaɗan, fiffike da tsinke ɗaya, jela guntuwa, ya fita lungu da gudu yana jan sa. Jirgin ya yi ta bugun ƙasa har ledar ta yage. Wannan ka wuce shi da sauri, kalmomi 200 sun ishe shi, domin mai karatu ya riga ya san zai faɗi.

Gwaji na biyu shi ne zuciyar labarin, a nan za ka daɗe. Auta ya sake haɗawa, ya ƙara jela kamar yadda ya ga manya sun yi, ya je fili, jirgin ya tashi kaɗan har ransa ya yi fari, sai ya karkata hagu. Ya fizga, jirgin ya caki ƙasa, tsinken ya karye, zaren ya cukurkuɗe, manyan yara suka yi dariya. Muhimmancinsa shi ne, a wannan karon ya yi ƙoƙari, amma duk da haka ya faɗi. Nan ne yaro yake cewa ya fasa. Bayan wannan sai zaman warware zare da daddare, sai gano laifin tsinken, sai gama sabon jirgi bayan la'asar lokacin da iska ta kwanta. Ba wa wannan sashe rabin labarin gaba ɗaya.

Gwaji na uku shi ne na hantsin ranar ƙarshe. Kada ka sa jirgin ya tashi lami lafiya don yaro ya gyara komai. Dole abin da ya faru a gwaji na biyu ya sake faruwa: jirgi ya juya kai ƙasa. Bambancin kawai shi ne abin da hannun Auta ya yi. In ba a sake jarraba shi da abin da ya kayar da shi ba, mai karatu ba zai ga ya canza ba.

Mataki na biyar: rubuta da abin da ido ke gani

Fara daga tsakiyar aiki. Kada ka buɗe da cewa a wani gari an yi wani yaro, ko da bayanin kyawun safiya. Ga yadda zan buɗe:

"Tsinke na huɗu ke nan Auta ya zara daga tsintsiyar Inna. Ya tura shi cikin riga, ya mayar da tsintsiyar bayan ƙofa yadda ya same ta, ya ɗan bubbuga gindinta don kada a ga ta rame."

Layi biyu, amma mun san sunansa, mun san yana ɓoye wani abu, mun san ba yau ya fara ba. Ba a ce shi mai gaggawa ne ba, kuma ba za a ce ba har ƙarshe. Ka ɗora wa kanka wannan sharaɗi: kalmar haƙuri ba za ta fito a labarin ba, ko kuwa ta fito sau ɗaya a bakin wanda ke ba shi haƙurin faɗuwa, irin wanda kowa ke bayarwa, wanda ba ya warkar da komai.

Ga faɗuwa ta biyu:

"Jirgin ya wuce tsayin katangar filin, zaren yana zillo a yatsunsa. Auta ya buɗe baki zai kira su su gani, sai jirgin ya karkata hagu. Ya fizga. Jirgin ya juya kai ƙasa. Ya sake fizga da hannu biyu. Ƙarar da tsinken ya yi ba ta fi ta karyewar ashana ba, amma duk filin an ji."

Ka lura jimlolin sun gajarta lokacin da hannunsa ke sauri. In aka zo wurin warware zare kuwa sai su tsawaita, domin mai karatu ma ya ɗanɗani zaman:

"Bayan sallar isha'i ya zauna a bakin ƙofar ɗaki da cukurkuɗaɗɗen zaren a cinyarsa, Yaya tana haska masa fitilar wayarta tana hamma. Duk inda ya ja sai ƙullin ya ƙara tsukewa. Ya ɗauko reza, ya dubi zaren, ya tuna ba shi da wani, ya ajiye. Sai ya sa farce ya fara neman bakin zaren, yana cusa shi ta cikin ƙulli ɗaya, ya fito da shi, ya bi shi zuwa na gaba, har wuyansa ya ƙage.

'Auta, ni fa barci nake ji.'

'Yaya, don Allah saura kaɗan.'

Ba kaɗan ya saura ba. Ta gyara zama ta canza hannu."

Ɗaukar rezar nan da ajiye ta ya fi shafi guda na nasiha. Irin waɗannan wuraren za ka nema: inda yaro yake da hanyar sauri a hannunsa, ya kuma bar ta don wani dalili da mai karatu ya sani.

Mataki na shida: babba ya yi tambaya, kada ya yi wa'azi

Labarin yaro Bahaushe ba ya rasa babba a ciki, kuma bai kamata a cire shi ba. Abin da za ka kiyaye shi ne kada ya ƙwace wa yaron ganowa. Na zaɓi tela ne don shi mutum ne da ya san zare da daidaiton gefe biyu, kuma yana cikin aikinsa, ba shi da lokacin dogon jawabi.

"'Baba, ina kwana.'

'Lafiya lau, Auta. Ina jirgin?'

Ya miƙa masa gawar jirgin. Baba Tela bai tsayar da keken ba sai da ya kai ƙarshen ɗinkin. Ya zare karyayyen tsinken, ya ɗora tsakiyarsa a kan yatsa. Tsinken ya rinjaya ya faɗi.

'Ɗauko. Ɗora a naka.'

Auta ya ɗora, ya faɗi. Ya sake ɗorawa, ya sake faɗuwa ta gefen gindin.

'Wane gefe jirgin naka yake faɗuwa?'

Auta ya yi shiru yana kallon tsinken. Baba Tela ya riga ya koma kan kekensa."

Baba bai ce a haɗa tsinke biyu kai da ƙafa ba. Auta ne zai gano a hanyar gida ko a tsakar gida, yana jujjuya tsinkaye biyu a hannu. Wani zai ce karyayyen tsinke ai dole ya rinjaya, don haka in kana son a rufe wannan ƙofa, sai ka sa Baba ya karɓi sabon tsinke daga aljihun Auta ya yi gwajin da shi. Irin wannan ƙaramar tambaya ce yaro mai wayo zai yi maka, gara ka riga shi.

Kada ka manta da Inna da tsintsiyarta. Abin da ka buɗe labari da shi bashi ne, sai ka biya. Yanzu Auta yana buƙatar tsinkaye har huɗu, biyu na tsaye biyu na gicciye. Ni zan sa shi ya je ya roƙa a wannan karon, ta sa shi ya share tsakar gida tukuna, sannan ta zaɓo masa miƙaƙƙu da hannunta. Jira ne shi ma, kuma ya gyara satar da aka fara da ita ba tare da an yi masa faɗa a gaban mai karatu ba.

Sai daren jira. Jirgi ya haɗu, ya rataye shi da kunnen linzami ya ga fukafukan sun daidaita, ya fito ƙofar gida, ganyen darbejiya ko motsi ba ya yi. Manyan yara suna wucewa suna ce masa ya zo ya gwada da gudu. Layi uku ko huɗu sun isa: ya dubi ganyen, ya dubi jirgin, ya koma ciki ya rataye shi a ƙusa nesa da akuya.

Mataki na bakwai: ƙarshen labarin da gyaransa

Ga yadda zan rubuta wurin da komai ya taru:

"Yaya ta riƙe jirgin a can nesa, iska tana kaɗa mayafinta. Ledar ta cika, ta kwanta, ta sake cika. 'In saki?' Ya girgiza kai. Sai da ya ji sanyin ya daɗe a ƙeyarsa sannan ya ce, 'Saki, Yaya.'

Jirgin ya hau. Ya wuce katanga, ya wuce kan darbejiya. Can sai iska ta sauya, ya juya kai ƙasa. Wani daga cikin manyan ya yi ihu, 'Ja! Ja mana!' Yatsun Auta suka damƙe zaren. Sai ya taka gaba taku biyu, ya buɗe hannu. Zaren ya yi ciki. Jirgin ya yi lilo kamar zai faɗo, jelar ta sauko ƙarƙashinsa, kan ya dubi sama. Sannan Auta ya ja, kaɗan."

Daga nan saura layi biyu ko uku ka tsaya. Kana iya rufewa da zaren ya ƙare a gwangwani jirgin yana neman ƙari, ko da wani ƙaramin yaro ya matso ya ce a ba shi ya riƙe. Kada ka sa manyan yaran su zo su ba shi haƙuri su naɗa shi shugabansu, yara ba sa haka. Kada kuma ka ƙara sakin layi mai farawa da cewa daga ranar nan Auta ya gane. In malami ko uwa suna son ciro darasi, za su tambayi yaron da aka karanta wa me ya sa Auta ya buɗe hannu, shi kuma zai amsa da bakinsa.

In ka gama, ajiye rubutun kwana biyu, sannan ka karanta shi da ƙarfi. Duk inda numfashinka ya sarƙe, jimlar ta yi tsawo. Bi shi da biro ka ja layi a ƙarƙashin duk inda ka faɗi abin da ke ran yaron, irin su ransa ya ɓaci ko ya ji daɗi ƙwarai, ka tambayi kanka me hannunsa ko ƙafarsa suke yi a lokacin, ka rubuta wannan a madadinsa. Ɗaya ko biyu suna iya zama, amma in sun yi yawa labarin ya koma rahoto. Duba kuma lissafin kaya: in zaren ya tsinke a gwaji na biyu, dole ya gajarta ko ya zama da ƙulli a na uku, in iska daga arewa maso gabas take, Yaya tana tsaye ne kudu maso yamma da shi.

Gwaji na ƙarshe shi ne ka karanta wa yaro ɗan shekara takwas zuwa goma wanda ya taɓa tashin jirgi. Kada ka tambaye shi ko ya ji daɗi, zai ce maka e don kunya. Kalli fuskarsa da hannunsa. Inda ya fara waige-waige, ka yanke wurin. Inda ya katse ka ya ce ba haka ake ɗaure linzami ba, miƙa masa zare da tsinke ya nuna maka yadda suke yi a unguwarsu, ka gyara rubutun ya bi nasa.